Nazarin Wata Guda a Littafin Wani Kamfani: Yadda Ma'aunin Lissafin Kuɗi Yake Tsayawa Daidai

Duk littafin kuɗin da aka riƙe bisa ƙa'ida yana tsaye ne a kan magana guda, wato abin da kamfani ya mallaka daidai yake da abin da ake bin sa idan aka haɗa da rabon mai shi. Akantoci suna rubuta wannan magana a layi ɗaya:

Kadarori = Basussuka + Jari

Kadara ita ce duk abin da yake hannun kamfani wanda ake sa ran zai amfane shi nan gaba, kamar kuɗin da ke banki, da haja, da mota, da bashin da yake bin masu sayen kayansa. Basussuka su ne haƙƙoƙin mutanen waje da ke wuyan kamfanin. Jari kuwa, a wannan ma'ana, bai tsaya ga kuɗin da mai kamfani ya zuba a ranar farko ba. Shi ne abin da zai rage masa idan aka cire basussuka daga kadarori, saboda haka riba tana ƙara shi, asara da abin da ya ɗiba don kansa suna rage shi. Wannan hanya ta rubuta kowace hulɗa a wuri biyu tsohuwa ce, domin Luca Pacioli ya bayyana ta a littafin lissafinsa da aka buga a birnin Venice a shekarar 1494, kuma 'yan kasuwar Italiya sun riga shi aiki da ita.

Lamarin da za a bi a nan misali ne da aka tsara don nazari: wata na farko na wani ƙaramin kamfani mai sayar da kujerun ofis, wanda mace guda ta mallaka, ta kuma ɗauki ma'aikaci guda yana yi mata ciniki yana riƙe littafi. An bar adadin kuɗin ba tare da sunan kuɗin wata ƙasa ba, tun da ƙa'idar ba ta sauyawa da sauyin kuɗi. Abin da ya sa lamarin ya cancanci nazari shi ne, a ƙarshen watan littafin ya ƙi daidaita, aka gyara shi ya daidaita, amma duk da haka ribar da ya nuna ta ninka ta gaskiya sau huɗu.

Kafa kamfani da sayen kayan aiki

A ranar farko mai kamfanin ta zuba 500,000 daga aljihunta a asusun banki da aka buɗe da sunan kamfanin. Kafin a rubuta komai, dole a fahimci cewa littafin na kamfani ne, kuma a idon littafin mai kamfanin wani mutum ne dabam da ya ba shi kuɗi. Saboda haka kadara ta ƙaru da 500,000 a banki, jari ma ya ƙaru da 500,000. Gidanta da motar hawanta ba su da wuri a wannan littafi. Kwana biyu bayan haka banki ya ba kamfanin rancen 200,000, sai kuɗin asusu ya koma 700,000, bashi ya zama 200,000, jari yana nan yadda yake. Wannan hulɗa tana da sauƙin rubutawa, amma tana koyar da abin da mutane da yawa suke mantawa idan suka ga asusunsu ya cika: shigowar kuɗi ba ta nufin an samu komai, domin kamfanin ya ƙara girma ne da dukiyar wani, rabon mai shi bai motsa ba.

Daga nan aka sayi motar ɗaukar kaya a kan 240,000, aka biya nan take. Kuɗin banki ya sauko zuwa 460,000, sai ga sabuwar kadara mai suna mota a littafi da darajar 240,000. Jimillar kadarori tana nan 700,000, ɓangaren basussuka da jari kuwa ba a taɓa shi ba sam. Ma'auni ba ya buƙatar ɓangarorin biyu su motsa tare a kowane lokaci. Ya isa abu guda ya ƙaru wani ya ragu da adadi ɗaya a cikin ɓangare guda. Mai kamfanin ta so a rubuta kuɗin motar cikin kashe-kashen kuɗin watan, tun da a ganinta kuɗi ya fita, amma motar za ta yi aiki na shekaru, kuma idan aka ɗora dukkan kuɗinta a wata ɗaya, watan zai nuna asarar da ba a yi ba, watannin da za su biyo baya kuma su nuna ribar da ta wuce ƙima.

Hajar farko kujeru 100 ce, kowace a kan 1,500, wanda ya kama 150,000, kuma dillalin ya yarda a biya shi daga baya. Ko sisi bai fita daga banki ba, amma hulɗa ta auku, domin kujerun sun zama mallakar kamfani kuma haƙƙin dillali ya hau wuyansa. Kadarori suka tashi zuwa 850,000, basussuka suka zama 350,000, jari 500,000.

Ciniki, inda riba take shiga ma'auni

A nan ya kamata a dakata, domin ciniki shi ne hulɗar da ta fi kowace ruɗarwa, kuma a gaskiya hulɗa biyu ce a cikin riga ɗaya. A mako na biyu aka sayar wa wata ma'aikata kujeru 60, kowace a kan 2,400, jimilla 144,000. Ta biya 84,000 ta banki, ta yi alkawarin cika sauran 60,000 daga baya.

Rabin farko na hulɗar shi ne abin da ya shigo. Kuɗin banki ya ƙaru da 84,000 ya koma 544,000, aka kuma buɗe sabuwar kadara, wato bashin da kamfani yake bin mai saye, da 60,000. Kadarori sun ƙaru da 144,000 ke nan, kuma tun da babu wani mutumin waje da yake da haƙƙi a kan wannan ƙari, sai ya tafi ga jari da sunan kuɗin ciniki. An rubuta dukkan 144,000 a matsayin ciniki duk da cewa ba a karɓi duka ba, saboda kamfanin ya riga ya sauke nauyinsa tun lokacin da ya miƙa kujerun, kuma haƙƙinsa na karɓar kuɗin ya tabbata a ranar.

Rabi na biyu shi ne abin da ya fita. Kujeru 60 sun bar sito, kuma an saye su ne a kan 1,500 kowace, wato 90,000. Haja ta ragu daga 150,000 zuwa 60,000, jari ma ya ragu da 90,000 da sunan tsadar kayan da aka sayar. Idan aka haɗa rabi biyun, jari ya ƙaru da 54,000, ya koma 554,000. Kadarorin yanzu su ne banki 544,000, bashin da ake bin mai saye 60,000, haja 60,000, mota 240,000, jimilla 904,000, wanda ya yi daidai da basussuka 350,000 da jari 554,000. Wanda ya rubuta rabin farko ya manta na biyu zai ga ma'auninsa daidai, amma littafinsa zai ce akwai kujeru 100 a sito alhali 40 ne suka rage, ribarsa kuma za ta kumbura da 90,000.

Wannan ne dalilin da ya sa ake faɗaɗa ma'aunin idan ana son ganin abin da ke cikin jari:

Kadarori = Basussuka + Jarin farko + Kuɗin ciniki − Kashe-kashe − Abin da mai kamfani ya ɗiba

Asusun ciniki da na kashe-kashe rassan jari ne da aka ware domin a iya auna ribar wani lokaci, kuma a ƙarshen shekara ana rufe su, a mayar da abin da ya rage cikin jari. Daga nan ne ma dokar debit da kiredit ta samo asali, wadda ɗalibai suke haddacewa da wahala. Abin da ke hagun ma'auni yana ƙaruwa ta hagun asusu, wato debit, abin da ke dama kuma yana ƙaruwa ta dama, wato kiredit. Kashe-kashe suna shiga ta debit ne saboda rage jari suke yi, jari kuwa ɗan dama ne, ragewarsa ta hagu take zuwa. Wanda ya riƙe ma'aunin a ransa zai iya fitar da dokar da kansa duk lokacin da ya manta ta.

Sauran hulɗoɗin tsakiyar wata ba su da tsawon bayani. An biya dillali 100,000, sai banki ya koma 444,000, bashinsa ya sauko zuwa 50,000. Kadara da bashi sun ragu tare, riba ba ta san an yi ba. Ma'aikatar da ta sayi kujeru ta aiko da 40,000, banki ya koma 484,000, abin da ake bin ta ya rage 20,000; wannan ma musayar kadara ce da kadara, kuma rubuta shi a matsayin sabon ciniki zai zama ƙirga abu guda sau biyu. An biya hayar sito ta wata uku gaba ɗaya, 36,000, banki ya koma 448,000, kuma tun da abin da aka saya shi ne haƙƙin amfani da siton har wata uku, aka ɗauke shi a matsayin kadara mai suna hayar da aka biya tun gaba.

Hulɗoɗi huɗu na ƙarshen wata

Wani sabon mai saye ya yi odar kujeru 25 a kan 60,000, za a kai masa a wata mai zuwa, ya kuma ba da rabin kuɗin, 30,000, a matsayin kafin alƙalami. Banki ya koma 478,000. Tambayar da ta dace a yi ita ce, wa yake da haƙƙi a kan wannan kuɗi a yau? Kamfanin bai miƙa komai ba tukuna, kuma idan ya kasa kai kujerun sai ya mayar da kuɗin. Saboda haka 30,000 ɗin bashi ne a wuyan kamfani, ko da yake da kujeru za a biya shi. Ita kanta odar, da ba a ba da kuɗi ba, da ba za ta shiga littafi ba ko kaɗan, kamar yadda ɗaukar sabon ma'aikaci ko sa hannu a yarjejeniyar da ba a fara aiwatarwa ba ba sa shiga, domin babu kadara ko bashin da ya motsa.

An biya ma'aikaci albashin 20,000, wanda ya rage banki ya rage jari, tun da aikin da aka saya da kuɗin ya ƙare a cikin watan kuma babu abin da ya rage da za a kira kadara. Mai kamfanin ta ɗibi 15,000 don hidimar gidanta, wannan ma ya rage banki ya rage jari. A ma'auni hulɗoɗin biyu kamar tagwaye suke, amma ma'anarsu ta sha bamban: albashi kuɗi ne da aka kashe don neman ciniki, saboda haka yana rage riba, ɗiban mai kamfani kuwa karɓar wani ɓangare ne na rabonta, kuma ba ya shiga lissafin riba. Bayan waɗannan biyun banki ya tsaya a 443,000, jari kuma 519,000.

Ta ƙarshe ita ce kason farko na biyan rance, 12,000, wanda takardar banki ta raba biyu: 10,000 daga uwar kuɗi, 2,000 kuɗin ruwa. Hulɗa guda ce mai taɓa wuri uku. Banki ya ragu da 12,000 ya koma 431,000, rancen ya ragu da 10,000 ya koma 190,000, jari ya ragu da 2,000 ya koma 517,000. Idan an rubuta komai daidai, kadarori a daren ƙarshen wata za su zama 787,000, wato banki 431,000, bashin mai saye 20,000, haja 60,000, mota 240,000, hayar gaba 36,000. Basussuka za su zama 270,000, wato rance 190,000, dillali 50,000, kafin alƙalami 30,000, sai jari 517,000 ya cika lissafin.

Kuskuren da ma'auni ya kama

Da ma'aikacin ya tattara ragowar kowane asusu domin ya gwada daidaito, sai ya samu kadarori 814,000, basussuka da jari kuma 787,000, bambancin 27,000. Ya sake tarawa sau biyu bai canza ba, sai mai kamfanin ta kai littafin ga wani akanta domin ya duba.

Akantan bai fara da bin hulɗoɗi ɗaya bayan ɗaya ba, bambancin kansa ya fara yi wa tambayoyi. Da farko ya duba ko akwai hulɗar 27,000 cif, domin idan an rubuta ɓangare guda an manta ɗayan, bambancin yakan zo daidai da adadin hulɗar, babu. Sai ya raba shi biyu ya samu 13,500, domin adadin da aka rubuta a ɓangaren da ba nasa ba yakan haifar da bambanci ninki biyu. Babu hulɗar 13,500. Sannan ya raba shi da tara, ya fita 3,000 ba saura. Wannan alama ce sananniya ga masu riƙe littafi, domin duk lokacin da aka juya lambobi biyu a cikin adadi, bambancin da ke tsakanin adadin gaskiya da na kuskure yana rabuwa da tara. Idan lambobin maƙwabta ne, sakamakon rabawar yana nuna tazarar da ke tsakaninsu, kuma a nan tazarar uku ce. Cikin adadin da lambobinsu na dubbai suke da tazarar uku a littafin akwai 36,000 na haya, kuma da aka buɗe asusun hayar gaba sai ga 63,000 a rubuce, alhali a asusun banki an cire 36,000 daidai. Aka gyara, ɓangarorin biyu suka haɗu a 787,000.

Akwai abin da ma'aikacin ya yi tunanin yi kafin a kira akanta, wanda ya dace a ambata saboda yawan masu faɗawa cikinsa, wato ya ƙara 27,000 a wani asusu domin lissafi ya rufe. Akantoci suna da asusun wucin gadi da suke ajiye irin wannan bambanci har a gano tushensa, kuma ba laifi ba ne muddin ana ci gaba da bincike kuma za a share shi. Abin da yake laifi shi ne a cusa bambancin cikin ciniki ko jari a wuce, domin a nan da an yi haka, da kamfanin ya samu kadarar 27,000 da babu ita da ribar 27,000 da ba a ci ba, kuma da alamar da za ta kai ga gano kuskuren ta ɓace.

Kura-kuran da ma'auni bai gani ba

Da littafi ya daidaita, ma'aikacin ya fitar da ribar wata, ta kama 52,000, mai kamfanin kuma ta fara shirin ɗibar wani abu daga ciki. Akantan ya nemi a jira, kuma a ganina wannan ne wurin da ya fi yi wa kamfanin amfani, domin daidaiton da aka samu yana tabbatar da abu ɗaya ne tak: duk abin da aka rubuta an rubuta shi a wuri biyu da adadi ɗaya. Bai ce wuraren biyu su ne na gaskiya ba, bai kuma ce an rubuta duk abin da ya kamata ba.

Asusun ciniki ya nuna 174,000. Akantan ya raba wannan da farashin kujera, 2,400, ya samu kujeru 72 da rabi, alhali ƙirgar da aka yi a sito ta nuna kujeru 40 sun rage daga 100, wato 60 suka fita. Rarar 30,000 ita ce kafin alƙalamin da ma'aikacin ya rubuta a matsayin ciniki. Ma'auni bai yi ƙorafi ba saboda bashi da jari duk a ɓangaren dama suke, kuma ko a wanne aka sa kuɗin jimillar ɗaya ce. Gyaran shi ne a cire 30,000 daga ciniki a mayar da shi bashi, riba ta sauko zuwa 22,000.

Kuskure na biyu ya karkata ne ta ɗaya gefen. Littafin ya nuna rance yana nan 200,000, takardar banki kuwa ta ce 190,000, domin ma'aikacin ya rubuta dukkan 12,000 cikin kashe-kashe. Nan ma abu ya tsaya tsakanin bashi da jari, ma'auni bai girgiza ba. Da aka mayar da 10,000 wurin rage rance, riba ta hau zuwa 32,000. Abin lura shi ne, duka kura-kuran biyu an gano su ne ta hanyar gwada littafi da wani abu na waje, ƙirgar haja a na farko, takardar banki a na biyu.

Sauran abubuwa uku ba a rubuta su ba sam, kuma ba mamaki, domin babu rasit ko saƙon banki da zai tuna wa mutum da su. Wucewar lokaci ce kawai ta haifar da su. Wata guda daga cikin ukun da aka biya hayarsu ya wuce, saboda haka 12,000 na hayar gaba ya tashi daga kadara ya zama kuɗin da aka kashe, aka bar 24,000. Motar an ƙiyasta za ta yi aiki shekara biyar, wato wata 60, ba tare da sa ran samun wani abu daga sayar da ita a ƙarshe ba, sai aka raba 240,000 gida 60, kowane wata ya ɗauki 4,000 na raguwar daraja, darajarta a littafi ta koma 236,000. Wannan adadi ƙiyasi ne na rabon tsadar motar a kan watannin aikinta, kuma ba ya nufin abin da za ta yi a kasuwa ke nan idan aka kai ta yau. Na uku shi ne wutar lantarkin da aka sha a watan, kimanin 3,000 bisa abin da mita ta nuna, wadda takardar biyanta ba ta zo ba. Wannan ya kawo wani nau'in hulɗa da ba a gani ba tun farkon watan: bashi ya ƙaru, jari ya ragu, kadarori ba su motsa ba.

Bayan waɗannan gyare-gyare riba ta tsaya a 13,000, kuma ana iya tabbatar da ita ta hanya biyu da ba su dogara da juna ba. Ta farko, a cire daga cinikin 144,000 tsadar kaya 90,000, albashi 20,000, haya 12,000, raguwar daraja 4,000, wuta 3,000 da kuɗin ruwa 2,000, abin da zai rage 13,000 ne. Ta biyu, a bi ta ma'auni: kadarori sun zama 771,000, basussuka 273,000, saboda haka jari 498,000 ne, kuma idan aka tuna cewa an fara da 500,000 aka ɗibi 15,000, to ƙarin da ya kawo shi 498,000 dole ya zama 13,000. Haɗuwar hanyoyin biyu ita ce alaƙar da ke tsakanin takardar riba da asara da takardar matsayin dukiya. Daga nan mai kamfanin ta ga abin da lambar 52,000 ta ɓoye mata, wato ta riga ta ɗibi fiye da ribar watan da 2,000, kuma jarinta ya fara raguwa ƙasa da abin da ta zuba, duk da cewa akwai 431,000 a banki. Ban da haka, 273,000 daga cikin dukiyar da ke hannunta haƙƙin wasu ne.

Abin da ya bi baya a wata na biyu

Kafin alƙalamin da aka mayar bashi bai daɗe a haka ba. A wata na biyu aka kai kujeru 25 ga mai su, ya cika sauran 30,000. Banki ya ƙaru da 30,000, bashin kafin alƙalami ya ragu da 30,000 ya ƙare, ciniki ya ƙaru da 60,000, wato rabin cinikin ya zo ne ta raguwar bashi ba tare da sabon kuɗi ba. Haja ta ragu da 37,500, tsadar kujeru 25 a kan 1,500. Idan aka tattara, kadarori sun ragu da 7,500, basussuka sun ragu da 30,000, jari ya ƙaru da 22,500, kuma ɓangaren dama ma raguwar 7,500 ya yi. Ciniki ne mai riba wanda ya bar kamfanin da ƙarancin kadarori, abin da ba ya fahimtuwa sai an kalli sassan ma'aunin uku tare.

Akantan ya bar tambaya guda a buɗe game da 20,000 da ake bin ma'aikatar farko, wadda lokacin biyanta ya wuce ba ta ce komai ba. A littafi wannan adadi kadara ce cikakkiya, kuma ma'auni zai ci gaba da daidaita da ita ko da shekara za ta yi ba a biya ba, domin ma'auni ba shi da hanyar sanin ko mai bashi zai cika alkawari. Wannan hukunci ne da mutum zai yanke bayan ya duba tsawon jinkirin da halin da mai bashin yake ciki. Idan aka fara shakka, ana ware wani kaso a matsayin tanadin bashin da ba a da tabbacin karɓa, wanda yake rage darajar kadarar ya rage riba tun kafin asarar ta tabbata. Idan kuwa aka haƙura da bashin gaba ɗaya ba tare da an yi wannan tanadi ba, kadarori za su ragu da 20,000, jari ma ya ragu da 20,000 a watan da aka yanke hukuncin, kuma wannan adadi shi kaɗai ya fi dukkan ribar da kamfanin ya ci a watansa na farko.